Jimlar aigenbalu da ninkinsu: yadda za ka duba amsarka da kanka

Ina koyar da lissafi da yamma a Birnin Kebbi, a wani ɗaki mai benci shida da allo guda. Yawancin masu zuwa ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ne da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, sai 'yan Aliero da ke leƙowa idan sun zo hutu. Aigenbalu ita ce lambar λ da ke cika `Av = λv` ga matiriks A da wani bekta v da ba sifili ba, shi kuma v ana kiransa aigenbekta. Duk lokacin da aka shiga babin aigenbalu, tambayoyi iri ɗaya nake sha, shi ya sa na tara su nan tare da amsoshin da nake bayarwa. Na bar su yadda aka yi mini su.

Malam, mene ne ainihin ƙa'idar?

Ƙa'idoji biyu ne, kuma duka suna aiki ne a kan matiriks mai layukan kwance da na tsaye daidai wa daida, kamar 2×2 ko 3×3.

Ta farko: idan ka tara aigenbalu duka, za ka sami tires. Tires kuwa shi ne jimlar lambobin da ke kan dayagonal, wato layin da ya taso daga kusurwar sama ta hagu ya gangaro zuwa kusurwar ƙasa ta dama. A takarda ana rubuta shi `tr(A)`.

Ta biyu: idan ka ninka aigenbalu duka da juna, za ka sami ditaminan, wanda ake rubutawa `det(A)`.

Ga ƙaramin matiriks da za mu yi ta komawa kansa:

```
A = [ 4  1 ]
    [ 2  3 ]

tr(A)  = 4 + 3 = 7
det(A) = 4×3 − 1×2 = 10
```

Aigenbalunsa 2 ne da 5. Biyu da biyar bakwai, biyu sau biyar goma. Ba ka buƙatar minti ɗaya kafin ka gama wannan dubawa, alhali wataƙila ka kwashe minti goma kana neman amsar.

To ai tires ba wahala. Me zai sa in ƙara da ditaminan?

Saboda kowannensu da irin kuskuren da yake kamawa, kuma akwai wanda yake sulale masa.

Ɗauki ɗalibin da ya warware `λ² − 7λ + 10 = 0` ya birkita alama, ya rubuta −2 da −5. Idan ya ninka su zai sami 10, ditaminan ya ce masa ba laifi. Jimla ce kaɗai za ta tona shi, domin −7 ba 7 ba ce.

Sai ɗalibar da ta rubuta `(4 − λ)(3 − λ) = 0`, ta mance ba ta cire 1×2 ba. Amsarta 4 da 3. Jimlarsu 7, tires ya wuce da ita lafiya lau. Amma huɗu sau uku 12, ditaminan kuwa 10. Wannan kuskuren na biyu ya fi yawa a takardun da nake dubawa, kuma tires ba zai taɓa kama shi ba, tunda duk wanda ya kwashe lambobin dayagonal ya kira su aigenbalu, dole jimlarsa ta yi daidai da tires. Ai su ɗin ne tires.

Don haka ba a zaɓar ɗaya. Mai awon shinkafa a Argungu yana ƙirga buhu, yana kuma ɗora shi a sikeli.

Daga ina ƙa'idar ta fito? Ba na son haddar abin da ban fahimta ba.

Madalla, domin wanda ya ga tushenta ba ya rikita ta da wata.

Aigenbalu su ne lambobin λ da ke mayar da `det(λI − A)` sifili, inda `I` yake matiriks mai 1 a kan dayagonal da sifili a sauran gurabe. Idan ka buɗe wannan ditaminan ɗin za ka sami folinomiyal a λ, mai daraja n idan matiriks ɗin n×n ne. Duk folinomiyal irin wannan ana iya rubuta shi da saiwoyinsa:

```
det(λI − A) = (λ − λ₁)(λ − λ₂)···(λ − λₙ)
```

Yanzu sa `λ = 0` a ɓangarorin biyu. Hagu ya zama `det(−A)`, wanda yake daidai da `(−1)ⁿ det(A)`, domin kowane layi daga cikin layuka n ya fitar da −1 guda. Dama kuma ya zama `(−1)ⁿ` sau ninkin aigenbalu duka. Share `(−1)ⁿ` nan da can, ƙa'idar ditaminan ta fito. Layi biyu ke nan.

Ta tires tana son ɗan natsuwa. Abin da za ka kalla shi ne lambar da ke gaban `λⁿ⁻¹`. A dama, don ka sami `λⁿ⁻¹` sai ka ɗauki λ daga kowane baka in ban da guda, a wannan gudan ka ɗauki `−λᵢ`. Ka yi haka ga kowane baka bi da bi, ka tara, abin da za ka samu shi ne jimlar aigenbalu da alamar cirewa a gabanta.

A hagu kuma, ka tuna ditaminan tarin ninke-ninke ne, kowane ninki yana ɗaukar lamba ɗaya daga kowane layin kwance da kowane layin tsaye. λ tana zaune ne a kan dayagonal kaɗai. Ninkin da ya kauce wa dayagonal a wuri ɗaya, dole ya kauce a wuri na biyu, domin layin tsayen da ya shiga ba nasa ba ne, ya tare wa wani layin gurbinsa. Ke nan irin wannan ninki ba zai wuce `λⁿ⁻²` ba. Wanda ya rage shi ne ninkin dayagonal zalla, `(λ − a₁₁)(λ − a₂₂)···(λ − aₙₙ)`, kuma lambar gaban `λⁿ⁻¹` a cikinsa ita ce tires da alamar cirewa. Daidaita hagu da dama, an gama.

Wanda ya tuna aikin sakandare zai gane wannan. Ƙa'idar nan ce ta jimlar saiwoyi da ninkinsu, `α + β = −b/a` da `αβ = c/a`, wadda ake jingina wa Bafaranshen nan François Viète da ya rasu a 1603. Abin da aka ƙara kawai shi ne an gano cewa a matiriks, waɗannan lambobi biyu suna nan a fili tun kafin ka warware komai.

Na sami aigenbalu biyu kacal a matiriks 3×3, jimlar kuma ba ta kai tires ba. Na yi kuskure ne?

Ba lallai ba. Mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu ta zo sau biyu. Bari mu yi aiki da cikakken misali, don shi za mu riƙe har ƙarshen shafin nan.

```
B = [ 3  2  4 ]
    [ 1  4  4 ]
    [ 1  2  6 ]

tr(B)  = 3 + 4 + 6 = 13
det(B) = 3(24 − 8) − 2(6 − 4) + 4(2 − 4)
       = 48 − 4 − 8 = 36
```

Folinomiyal ɗinsa shi ne `λ³ − 13λ² + 40λ − 36`. Ka gwada 2, ka sami sifili. Ka gwada 9, ka sami sifili. Ka gwada 1, 3, 4, 6 da sauran lambobin da ke raba 36, babu wadda ta yi. Sai ka rubuta 2 da 9.

Yanzu duba. Jimlarsu 11, tires 13, saura 2. Ninkinsu 18, ditaminan 36, wato saura a ninka da 2. Dubawa biyu sun nuna lamba ɗaya da yatsa. Aigenbalun B su ne 2, 2 da 9, kuma folinomiyal ɗin shi ne `(λ − 2)²(λ − 9)`.

Ƙa'idar tana ƙirga kowace aigenbalu sau nawa ta fito a matsayin saiwar folinomiyal. Matiriks 3×3 lambobi uku za ka tara, 4×4 lambobi huɗu, ko da wasu sun maimaita kansu. Ka kula da wannan musamman idan kalkuleta ce ta warware maka folinomiyal ɗin, domin wasu kalkuletoci sau ɗaya suke nuna saiwar da ta maimaitu.

Idan aigenbalu ta zo sau biyu amma aigenbekta ɗaya kawai na samu, sau nawa zan ƙirga ta?

Sau biyu. Ba ruwan ƙa'idar da yawan aigenbekta. Matiriks mai layin sama 2, 1 da layin ƙasa 0, 2 yana da aigenbalu 2 sau biyu, aigenbektansa kuwa hanya ɗaya ce tak. Tires ɗinsa 4, ditaminan 4, wato `2 + 2` da `2 × 2`.

Jimla ta yi daidai, ninki ya yi daidai. Na gama ke nan?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, amsarta kuma ta danganta da girman matiriks.

A 2×2, eh, muddin tires da ditaminan ɗin da ka gwada da su daidai suke. Lambobi biyu da aka san jimlarsu da ninkinsu ba su da wata mafita, dole su zama saiwoyin `λ² − (tr A)λ + det A = 0`. Babu wasu lambobi biyu masu jimla 7 da ninki 10 in ba 2 da 5 ba.

A 3×3 kuwa a'a. Lambobi uku kake nema, sharuɗɗa biyu ka gwada, akwai sauran fili. Koma kan B. A ce wani ya kawo 1, 6 da 6. Tara su: 13. Ninka su: 36. Ya tsallake dubawa biyun duka, kuma babu ko ɗaya cikin lambobinsa da ta zama aigenbalun B. Kamar ɗan kasuwar Jega ne da aka ce masa a jaka akwai takardun kuɗi kaza, jimlarsu kaza. Wannan bai gaya masa 'yan ɗari biyar nawa ne a ciki ba, 'yan ɗari biyu nawa.

Idan dubawar ta ƙi, tabbas akwai kuskure a wani wuri. Idan ta yi, abin da ka sani kawai shi ne ba a kama ka ba tukuna. A gaskiya da wuya kuskuren hannu ya faɗa daidai kan lambobin da za su tsallake biyun, shi ya sa dubawar take da amfani sosai a zauren jarrabawa. Amma akwai yanayi guda da nake so ka yi hattara da shi, wato idan ditaminan sifili ne. A nan duk jerin da ke da sifili a ciki zai wuce gwajin ninki. Matiriks 3×3 mai tires 6 da ditaminan 0, za ka iya kawo 0, 1, 5, ko 0, 2, 4, ko 0, 3, 3, duka su wuce. Gwajin ninki ya tabbatar maka da sifilin kaɗai, bai ce komai a kan sauran biyun ba.

To da me zan cike giɓin a 3×3?

Da dubawa ta uku, wadda ta fito daga lambar tsakiya ta folinomiyal, wato 40 ɗin nan da ke gaban λ. Ka ninka aigenbalu bibbiyu ka tara, dole su yi daidai da jimlar ƙananan ditaminan uku na 2×2 da ke zaune a kan dayagonal. Kowannensu ana samun sa ne ta share layin kwance da layin tsaye masu lamba ɗaya: na uku da na uku, na biyu da na biyu, na farko da na farko.

```
3×4 − 2×1 = 10
3×6 − 4×1 = 14
4×6 − 4×2 = 16
10 + 14 + 16 = 40

2×2 + 2×9 + 2×9 = 40
1×6 + 1×6 + 6×6 = 48
```

Jerin 2, 2, 9 ya ba da 40. Jerin 1, 6, 6 ya ba da 48, asirinsa ya tonu. Idan jimla, ninkin bibbiyu da ninkin duka sun yi daidai a 3×3, to amsar ta tabbata, domin waɗannan ukun su ne folinomiyal ɗin gaba ɗaya.

Akwai wata hanya da ta fi yi wa wasu sauƙi. Aigenbalun `B²` su ne sikwayar aigenbalun B, don haka `tr(B²)` daidai yake da jimlar sikwayoyinsu. Ba sai ka ninka matiriks ɗin duka ba, dayagonal ɗin `B²` kawai kake so: layin kwance na farko da layin tsaye na farko, na biyu da na biyu, na uku da na uku. A B za ka sami 15, 26 da 48, jimla 89. Su kuma `4 + 4 + 81` sun ba da 89, alhali `1 + 36 + 36` sun tsaya a 73. Ni na fi son ta ƙananan ditaminan, don lambobinta ba sa girma, amma duk wadda hannunka ya saba da ita ta wadatar.

Malam, ni fa na duba, komai ya yi daidai, amma aka ba ni sifili a tambayar.

Kawo takardar mu gani, amma kafin ka kawo ina da zato biyu.

Na farko, ka kwafi matiriks ɗin ba daidai ba daga takardar tambaya. Wata −2 ta zama 2, ko lambobi biyu sun yi musanyar gurbi. Daga nan duk abin da ka yi daidai ne, amma na wani matiriks ne daban, kuma tires da ditaminan ɗinsa za su yi ta gaskata ka. Maganinsa shi ne idan za ka yi dubawa, ka karanto lambobin daga takardar tambaya, ba daga abin da ka kwafa ba.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. A ce ka lissafa `det(A)` ka sami 12 maimakon 10, ka sa ta a cikin `λ² − 7λ + 12 = 0`, ka sami 3 da 4. Sai ka zo dubawa: uku sau huɗu 12, ka waiwaya sama ka ga 12 ɗin da ka rubuta ɗazu, ka ce alhamdu lillahi. Ba ka duba komai ba. Ka tambayi mutum ne ko gaskiya ya faɗa, ya ce eh. Irin wannan dubawar tana tabbatar da cewa ka iya warware folinomiyal ɗin da ka rubuta, ba ta tabbatar da cewa folinomiyal ɗin na matiriks ɗin ne ba.

Dubawa tana da daraja ne idan ta biyo wata hanya dabam da wadda amsar ta biyo. A 3×3, idan ka buɗe ditaminan ta layin kwance na farko a cikin aikinka, to wajen dubawa ka buɗe ta layin tsaye na farko. Ga B zai zama `3(24 − 8) − 1(12 − 8) + 1(8 − 16)`, wato `48 − 4 − 8`, 36 ta sake fitowa ta wata ƙofar. Idan an yarda da kalkuleta mai sashen matiriks, irin Casio fx-991ES PLUS da ke hannun ɗalibai da yawa, tana fitar da ditaminan har na 3×3, sai ka gwada da ita.

Idan kuma kana da lokaci, dubawar da ba ta da kokwanto ita ce ka ninka matiriks da aigenbektan da ka samu ka ga ko `Av = λv`. Wannan ita ce ma'anar aigenbalu tun asali, kuma ita kaɗai ce ke duba aigenbekta. Tires da ditaminan ba su san komai a kan aigenbekta ba.

Zan iya sauƙaƙa matiriks da aikin layuka tukuna, sannan in karanta aigenbalu a dayagonal?

A'a, kuma ga wurin da tires yake ceton mutane. Gaskiya ne matiriks mai sifili duka a ƙasan dayagonal, ko duka a samansa, aigenbalunsa su ne lambobin dayagonal. Amma aikin layuka yana canza aigenbalu. Gwada da A: cire rabin layin farko daga na biyu.

```
[ 4  1   ]
[ 0  2.5 ]
```

Wanda ya karanta 4 da 2.5 zai ninka su ya sami 10, daidai da `det(A)`, domin ƙara ninkin wani layi a kan wani ba ya taɓa ditaminan. Sai ya ji daɗi. Amma jimlarsu 6.5 ce, tires na asali kuwa 7. Kullum ka gwada da tires ɗin matiriks ɗin da aka ba ka, ba na wanda ka sarrafa ba.

A littafinmu `det(A − λI)` aka rubuta, kai kuma ka rubuta `det(λI − A)`. Wanne ne daidai?

Duka. Saiwoyinsu ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne idan n mara ce, kamar 3, alamomin duka suna juyawa: na B zai zama `−λ³ + 13λ² − 40λ + 36`. A wannan sigar lambar ƙarshe ita ce ditaminan kai tsaye, ba tare da sauya alama ba. Ka riƙe wadda malaminka yake amfani da ita, kada ka haɗa biyun a aiki ɗaya.

Idan aigenbalun suna da `i` fa?

Ƙa'idar tana nan daram, sai ma dai ba ta cika sai an ƙirga da su. Ɗauki wannan:

```
C = [ 1  −2 ]
    [ 2   1 ]

tr(C) = 2,  det(C) = 1 + 4 = 5
λ = 1 + 2i,  1 − 2i
```

Wajen tarawa `2i` da `−2i` sun cinye juna, saura 2. Wajen ninkawa `(1 + 2i)(1 − 2i) = 1 + 4 = 5`. Idan babu `i` a cikin lambobin matiriks, aigenbalu masu `i` tagwaye suke zuwa, `a + bi` da `a − bi`. Jimlarsu `2a`, ninkinsu `a² + b²`. Saboda haka idan ka ga `i` ta rage a jimlarka ko a ninkinka, ka yar da ɗaya daga cikin tagwayen ko ka ɓata alama.

A 2×2 za ka iya sanin irin amsar da ke jiranka tun kafin ka fara. Lissafa `(tr A)² − 4 det A`. Ga C, `4 − 20` ƙasa da sifili ne, to `i` na tafe. Ga A, `49 − 40 = 9`, lambobi biyu mabambanta za ka samu. Haka kuma idan ditaminan na 2×2 ya yi ƙasa da sifili, aigenbalu ɗaya tana sama da sifili, ɗayar tana ƙasa.

Ana iya amfani da ƙa'idar a nemo aigenbalu, ba dubawa kawai ba?

Ana iyawa, idan ka riga ka kama wasu. Sake kallon B da kyau, tara kowane layin kwance: `3 + 2 + 4`, `1 + 4 + 4`, `1 + 2 + 6`. Duka 9. Duk matiriks ɗin da layukansa suka ba da jimla ɗaya, wannan jimlar aigenbalu ce, aigenbektanta kuma shi ne 1, 1, 1. Ka sami 9 a kyauta. Sauran biyun jimlarsu `13 − 9 = 4`, ninkinsu `36 ÷ 9 = 4`, wato saiwoyin `λ² − 4λ + 4 = 0`, 2 da 2. Ba ka buɗe folinomiyal mai daraja uku ba sam.

Sai dai ka lura da abin da ka sayar. Tunda da tires da ditaminan ka nemo amsar, ba za ka juyo ka duba ta da su ba, dole su yarda da kai. Abin da ya rage maka shi ne dubawa ta uku, 40 ɗin nan ko 89. Kuma idan tambayar ta ce a nemo folinomiyal ɗin, to a nemo shi. Gajeriyar hanya ba za ta kawo makin matakan da ba ka rubuta ba.

A kwamfuta na yi, jimlar ta fito da ɗan bambanci can a ƙarshen lambobi. Kwamfutar ce ta yi kuskure?

Ba kuskure ba ne irin wanda kake nufi. Kwamfuta tana riƙe lamba ne da kimanin gurabe 15 zuwa 16, sauran ta datse, kuma aigenbalu ba ta folinomiyal take nemo su ba, ta hanyar maimaita lissafi ne har ta kusanci amsa. Don haka za ka iya ganin 13 ko 36 da ɗan wutsiya a gurbi na goma sha wani abu. Kada ka gwada da `==`. A NumPy, laburaren lissafi na Python, ga yadda ake yi:

```python
import numpy as np
B = np.array([[3, 2, 4], [1, 4, 4], [1, 2, 6]])
w = np.linalg.eigvals(B)
print(np.isclose(w.sum(), np.trace(B)))
print(np.isclose(w.prod(), np.linalg.det(B)))
```

Wannan dubawa ce ta gaskiya, domin `np.linalg.det` da `np.linalg.eigvals` ba hanya ɗaya suke bi ba. Amma ita ma ba za ta kama matiriks ɗin da ka shigar ba daidai ba.

A manyan matiriks gwajin tires ya fi aminci. Ninkin lambobi ɗaruruwa yana iya fin ƙarfin kwamfuta: mafi girman lambar da irin wannan ajiya ke ɗauka kusan `1.8 × 10³⁰⁸` ce, matiriks 400×400 mai aigenbalu 10 duka kuwa ditaminan ɗinsa `10⁴⁰⁰` ne, sai ka ga an rubuta maka `inf`. A irin wannan hali ana amfani da `np.linalg.slogdet`, wanda ke ba da alamar ditaminan da logaridim ɗin girmansa, sai a gwada da `np.log(np.abs(w)).sum()`.

Saura minti biyu a karɓi takarda. Wanne zan fara dubawa?

Tires, daga takardar tambaya, kana ƙirga cewa lambobin da ka tara sun kai n. Daƙiƙa goma ne. Idan ya ƙi, dubi girman giɓin: in ya yi daidai da ɗaya daga cikin aigenbalunka, ita ce ta maimaitu, in ya ninka ɗaya daga cikinsu sau biyu, alamarta ka juya, domin 9 da ta zama −9 tana rage jimla da 18. Bayan nan ka buɗe ditaminan ta layin da ba ka yi amfani da shi ɗazu ba. Idan 3×3 ne kuma ditaminan ya fito sifili, ka ba ƙananan ditaminan ukun nan sauran lokacin.